Kwamfutata Ta Gaza Jan Bidiyon 4K, Ga Ranar Miƙa Aiki Ta Matso

Assalamu alaikum Malam. Ni mai tace bidiyo ne, ban daɗe da fara karɓar aikin mutane ba. An ba ni aikin haɗa wani shiri na minti 30 daga hirarraki da hotunan da aka ɗauka da kyamara biyu, duka 4K, jimillarsu kamar awa shida. Kodek ɗin H.265 ne, firem 25 a daƙiƙa, megabit 100. Laftof ɗina tsohon Core i5 ne mai ram gigabait 8, da Premiere Pro nake aiki. Da na ɗora bidiyon sai ya riƙa cijewa, murya na tafiya hoto na tsaye, in na ja baya kuwa sai na jira. Na mayar da wasu fayilolin ƙananan MP4 na 1080 da wata manhajar sauya bidiyo, amma cijewar ba ta tafi ba sosai. Wani abokina ya ce in mayar da su duka ƙanana in goge na asalin don in samu wuri, wani kuma ya ce in ciwo bashi in sayi sabuwar kwamfuta. Saura kwana goma in miƙa aikin, kuma ina tsoron kunyata. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka goge ko fayil ɗaya daga cikin na asalin. In ma kana da wani rumbun ajiya na waje, yi musu kwafi na biyu yau ɗin nan, domin su ne dukiyar mai aikin, kuma daga cikinsu za a fitar da shirin a ƙarshe. Maganar bashi kuma ka jingine ta tukuna. Laftof ɗinka zai iya yanka wannan aikin idan ka yi masa furoksi yadda ya kamata, wato ƙananan kwafi masu sauƙin ja waɗanda manhajar za ta riƙa nuna maka yayin da kake yanka, sannan ta koma kan na asali da kanta a lokacin fitarwa. Amma sai ka fahimci abin da ke wahalar da kwamfutar, don kada ka sake yin ƙananan fayilolin da ba za su taimaka ba.

Abu biyu ne suka haɗu suka danne ta. Na farko yawan ɗigon hoto. Firem ɗaya na 3840x2160 yana ɗauke da fiksel sama da miliyan takwas, ninki huɗu na 1920x1080, ninki tara na 1280x720. Sau 25 a kowace daƙiƙa ake son kwamfutar ta fito da wannan. Na biyun shi ne ya fi nauyi, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi: yadda aka matse bidiyon. H.265, da yayansa H.264, ba sa ajiye kowane firem a cikakke. Sukan ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan firem ɗin da ke biye su zama bayanin abin da ya canza kawai. Kamar littafi ne da aka rubuta shafin farko cikakke, sauran shafukan kuma aka ce “kamar na baya, sai dai an sauya kaza”. Mai karantawa daga farko zuwa gaba ba ya shan wahala. Amma in aka ce ka buɗe shafi na ashirin kai tsaye, dole ka koma shafin farko ka biyo sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya kafin ka san abin da ke ciki. Aikin edita kuwa tsalle ne gaba da baya, da ja da baya, da tsayawa a kan firem guda. Duk tsallen da ka yi, furosesa ce ke komawa ta sake lissafi, kuma a wajen kowace yanka tana yin wannan lissafin ga fayil biyu a jere.

Shi ya sa ƙananan MP4 ɗin da ka yi ba su raba ka da matsalar ba. Ka rage fiksel, amma ka bar irin matsewar nan, wataƙila ma ka ƙara ta. Manhajojin sauya bidiyo an yi su ne don fayil ya ƙanƙance a tura shi, saboda haka wasunsu kan bar tazarar da ta kai firem 250 tsakanin cikakken hoto da na gaba, wato daƙiƙa goma a bidiyo irin naka. Fayil ya yi ƙarami a rumbu, amma nauyinsa a kan furosesa yana nan.

Tabbatar da wannan da idonka kafin ka kashe dare guda kana yin furoksi. Buɗe Task Manager ka shiga Performance, sannan ka kunna bidiyon a Premiere. Idan CPU ya haura kusa da 100% ya tsaya a can alhali Disk yana ƙasa, to warware matsewar ce matsalar, kuma furoksi ne maganinta. Ina kyautata zaton haka za ka gani, domin megabit 100 bai wuce megabait 12.5 a daƙiƙa ba, abin da ko rumbu mai juyawa yana iya bayarwa ba tare da gumi ba. Idan kuma Memory ne ya cika maƙil, rufe burauza da duk abin da ke buɗe, ka sake dubawa. Akwai kuma wata ƴar alama da ya kamata ka kunna: a Program Monitor taɓa hoton sifana ka zaɓi Show Dropped Frame Indicator. Ɗigo ne kore, in ya koma rawaya to ana zubar da firem. Da shi za ka auna ko abin da ka yi ya yi amfani, ba da hasashe ba.

Wani zai ce maka ka rage Playback Resolution zuwa 1/4 kawai ka huta. Yana taimakawa idan ifet ne suka yi yawa, amma a kan H.265 taimakonsa kaɗan ne, don sai an warware cikakken firem ɗin 4K tukuna kafin a rage shi a nuna maka.

Yanzu ga yadda za ka yi. Fara da tsara fayilolin kafin ka taɓa manhaja. Kowace kyamara da foldarta, kowane katin ajiya da tasa foldar a ciki, domin kyamarori iri ɗaya sukan ba fayiloli suna ɗaya, ka tarar da C0001.MP4 guda biyu masu hoto daban. In suka cakuɗe a wuri guda, wata rana manhajar za ta ɗaura furoksin wannan a kan wancan, ka ga mutum yana magana da muryar wani. Da zarar ka shigar da su Premiere, kada ka sake canza musu suna ko wuri. Na asalin su zauna a rumbun waje, furoksin kuma a rumbun cikin laftof idan SSD ne.

A Project panel zaɓi fayil ɗaya kawai, mai kamar minti biyar, danna dama, Proxy, sannan Create Proxies. Abu biyu za ka zaɓa, kodek da girma. A kodek ɗauki ProRes na furoksi, wanda yake fita a QuickTime. Za ka ga H.264 a jerin, kuma zai ja hankalinka saboda ƙanƙantarsa, amma a kan kwamfuta mai rauni ni ba na ba da shawararsa sai wuri ya ƙure. ProRes yana ajiye kowane firem a cikakke, duk inda ka dira hoton yana nan a shirye. DNxHR LB ma haka yake aiki, in shi ka samu babu laifi.

Wajen girma akwai tarkon da ya kamata ka lura da shi. Tsofaffin Premiere suna ba da 1024x540 da 1280x720. Na farkon an yi shi ne don bidiyon 4096x2160, wanda ya ɗan fi faɗi. In naka 3840x2160 ne, kamar yadda yawancin kyamarori ke ɗauka, 1280x720 ne ya dace da shi, don siffarsu ɗaya, 16:9. In ka saɓa, za ka ga baƙin layi a gefen hoto, kuma abin da kake gani yayin daidaita rubutu ko matso da fuska ba zai zama daidai da abin da zai fita ba. Sababbin Premiere sun sauƙaƙa, suna cewa Half ko Quarter. Half zai ba ka 1920x1080, Quarter kuma 960x540. Da ram gigabait 8 da kyamara biyu, Quarter ko 720 nake so ka ɗauka. Hira ce kake yankawa, abin da kake buƙata shi ne ka ga motsin baki da yanayin fuska, kuma 540 ya ishe ka wannan. Idan akwai zaɓin sa tambari a kan furoksin, sa shi, zan gaya maka amfaninsa a gaba.

Yi lissafin wuri tun yanzu. Megabit 100 yana cin gigabait 45 a awa, awa shida ke nan gigabait 270 na asali. ProRes na furoksi a 720 da firem 25 yana cin wajen gigabait tara a awa, duka aikin ya kama kusan 55. In ka ɗauki 1080 zai kusanci 100. Saboda haka ka tabbata akwai wannan wurin da rara a kai, domin SSD da ya cika maƙil yana rage gudu, Windows ma tana buƙatar fili idan ram ya ƙare. In cikin laftof ɗin ba zai ɗauka ba, sa su a rumbun waje amma ta kafar USB 3, wadda galibi cikinta shuɗi ne.

Da ka danna OK, Adobe Media Encoder zai buɗe ya fara aiki. Duba agogo. Wannan fayil ɗin gwaji shi zai gaya maka tsawon aikin gaba ɗaya: idan minti biyar ya ci minti goma, awa shida za su ci awa goma sha biyu. In ya gama, Premiere zai ɗaura furoksin da kansa. Sai dai ɗaurawa daban, amfani da shi daban, kuma a nan ne mutane da yawa ke cewa furoksi bai yi musu aiki ba alhali ba su kunna shi ba. A ƙasan Program Monitor taɓa alamar + ka jawo maɓallin Toggle Proxies cikin sauran maɓallan. In ya yi shuɗi, furoksi kake kallo. Kunna bidiyon, ja shi gaba da baya da maɓallan J da K da L, ka kalli ɗigon nan kore. Sannan tsaya a kan firem da aka tafa hannu ko aka rufe baki a kan harafin “b”, ka kashe maɓallin ka kunna. Hoton ya kamata ya tsaya a wuri ɗaya, kaifinsa kawai zai canza. In ya yi tsalle gaba ko baya, akwai saɓani a yawan firem, kada ka ci gaba sai ka gano shi.

Idan gwajin ya yi kyau, zaɓi sauran duka ka sa su a layi da dare. Jona caja, hana kwamfutar yin barci a saitin wuta, ka ɗora ta a kan abu mai tauri inda iska ke shiga ƙarƙashinta, don laftof da ya yi zafi yana rage gudun kansa. Bar Premiere a buɗe, amma kada ka yi ta kunna bidiyo a ciki, domin yakan dakatar da Media Encoder duk lokacin da ake kallo. In awannin sun yi yawa, fara da hirarraki, tunda su ne ƙashin bayan shirin, sauran hotunan su biyo a dare na biyu. Da safe ka ƙara ginshiƙin Proxy a Project panel ta Metadata Display, ka bi jerin ka ga kowane fayil an rubuta masa Attached. Wanda babu komai a gabansa, shi zai riƙa cije maka a tsakiyar aiki kana mamakin dalili.

Waɗancan MP4 da ka riga ka yi, ka bar su. Akwai Attach Proxies da ake ɗaura furoksin da aka yi a waje, amma yana son komai ya dace da na asali: yawan firem a daƙiƙa, tsawon fayil, da adadin layukan sauti. Manhajojin sauya bidiyo kuwa sukan mayar da 25 zuwa 30 ba tare da sun tambaye ka ba, ko su haɗe layukan sauti huɗu su zama biyu. Wani lokaci Premiere ya ƙi karɓa, wanda shi ne alheri. Wani lokaci ya karɓa, ka yanka komai daidai a idonka, sai a fitarwa ka tarar kowace yanka ta goce. Bari manhajar ta yi nata da kanta, ya fi kwanciyar hankali.

Haka nan idan cikin kayan akwai abin da aka ɗauka da waya, duba shi da MediaInfo. In ka ga Frame rate mode an rubuta Variable, wayar tana sauya yawan firem yayin ɗauka, kuma irin wannan ne ke sa murya ta riƙa gocewa daga baki a hankali, a farko daidai, bayan minti goma ta bar shi a baya. Irin wannan fayil sai ka fara mayar da shi mai tsayayyen firem 25 da inganci mai kyau, misali da HandBrake ka zaɓi Constant Framerate, ka ɗauki sabon a matsayin na asali, sannan ka yi masa furoksi.

Ina so ka san iyakar abin, don kada ka sa rai da abin da ba zai ba ka ba. Furoksi yana sauƙaƙa karanta bidiyo ne kawai. Gyaran launi mai hawa-hawa, da rage ƙurar hoto, da Warp Stabilizer, da rubutu mai motsi, duk nauyinsu yana nan. Saboda haka ka raba aikin gida biyu. Kwanakin farko yanka zalla: jera magana, cire abin da ba a so, ɗora hotunan rufi, daidaita sauti. Kada ka sa ifet ko ɗaya har sai mai aikin ya amince da tsarin. Ka kuma yi sikwens ɗinka a 1920x1080 idan ba a ce lallai 4K za a miƙa ba. Wannan zai rage wa laftof ɗin wahala ƙwarai a fitarwa, kuma zai ba ka damar matso da fuskar mai magana har ninki biyu ba tare da hoton ya dushe ba, abin da ke da amfani sosai wajen ɓoye yanka a hira.

Akwai abu biyu da ba a yanke musu hukunci a kan furoksi: kaifin hoto da launi. A 540, hoton da fokas ya ɗan kauce da wanda ya zauna daram kusan kamanninsu ɗaya. Kafin ka dogara da wani hoto mai muhimmanci, tsayar da shi, kashe Toggle Proxies, ka duba idon mutumin a 100%. Ba ka buƙatar bidiyon ya yi tafiya don ka ga wannan, firem ɗaya a tsaye ya isa, kuma kwamfutarka za ta iya nuna shi. Launi ma haka za ka yi shi, a kan na asali, firem a tsaye, hoto bayan hoto. Inda kake son ganin motsi da ifet a kai, sa alamar In da Out a ɗan wurin ka yi masa renda.

Wani amfani da za ka ji daɗinsa: da furoksi a cikin laftof, kana iya cire rumbun waje ka ci gaba da yanka. Amma haɗarin aikin ma a nan yake. A ƙa'ida Premiere da na asali yake fitarwa ko da maɓallin furoksi yana kunne. Sai dai in bai ga na asalin ba, zai yi maka gargaɗi sannan ya fitar da furoksin, kuma mutumin da ya gaji da tsakar dare yakan danna OK bai karanta ba. Abin da ke jawo haka sau da yawa ƙaramin abu ne: Windows ta ba rumbun harafin E: jiya, yau ka jona wani abu kafin shi ta ba shi F:. Ka tsayar masa da harafi ɗaya a Disk Management tun yau, can nesa kamar V:, don kada wani ya ƙwace masa.

Ranar fitarwa, jona rumbun, kashe Toggle Proxies, ka bi taimlayin daga farko zuwa ƙarshe kana tsalle. Duk inda jan allon Media Offline ya fito, gyara shi da Link Media. A shafin Export ka tabbata ba a sa alama a Use Proxies ba. Sannan fitar da minti ɗaya kawai daga tsakiya ka kalle shi a cikakken allo. A nan tambarin da ka sa yake aikinsa: in ka gan shi a kusurwa, furoksi ne ya fita. In ba ka sa tambari ba, duba gashi da saƙar tufafi, su ne ke fara dushewa.

Fitarwar kanta za ta yi jinkiri, domin a nan dole laftof ɗin ya warware H.265 ɗin nan na 4K firem bayan firem. Minti ɗayan gwajin zai ba ka lissafi: in ya ci minti shida, shirin minti 30 zai ci wajen awa uku. Saboda haka kada ka bar fitarwa sai ranar ƙarshe. Ka ware dare biyu na farko don furoksi, kwana biyar don yanka da jin ra'ayin mai aikin, kwana ɗaya don launi da ifet, ka fitar a rana ta takwas, ya rage maka sarari in an ce a gyara suna ko a cire wata jimla. Abin da za ka tura masa ya duba a tsakiyar aiki kuwa, wannan kana iya fitar da shi daga furoksin da gangan, ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai ka gaya masa na dubawa ne.

In bayan duk wannan ɗigon yana komawa rawaya a kan furoksin 540 babu ifet, sake buɗe Task Manager. Idan Memory ne a cike, ƙarin ram zuwa gigabait 16 shi ne gyaran da ya fi kusa, in laftof ɗin yana karɓa. Idan Disk ne ke kan 100% kuma rumbun cikin mai juyawa ne, sauya shi da SSD. Ka rubuto mini abin da ka gani a CPU da Memory da Disk bayan gwajin fayil ɗin farko, sai mu san mataki na gaba. Allah ya ba da sa'a.